Tambayoyi Huɗu Kafin a Ce Wane Ya Biya Diyyar Sakaci

Ga irin tambayar da ɗalibin lauya kan tarar a takardar jarrabawar dokar cutarwa da diyya, wadda a jami'a ake kira tot. Wani ɗan kwangila ya haƙa ramin kwalbati ya ratsa titin unguwa. Magariba ta yi, ma'aikatansa suka tashi, ba su sa fitila ba, ba su gitta ko itace ba. Bayan sallar isha'i wani tela ya taho a kan babur, babu hular kwano a kansa, ya afka ramin. Ya karye a ƙafa, ya kuma fashe a goshi. Aka kai shi asibiti, ya yi awa uku a kan benci kafin likita ya duba shi. Telan yana da ciwon suga, raunin ƙafar ya ƙi warkewa, daga baya aka yanke ƙafar. Likitocin da suka ba da shaida sun ce jijiyoyin jinin ƙafar sun riga sun lalace tun a ramin, ko da an duba shi a minti na farko sai an yanke ta. Saura kwana goma Sallah, ɗinkin mutane na jibge a shago. A ƙasa kuma an rubuta: ba telan shawara.

Yawancin amsoshin da ke faɗuwa iri ɗaya ne. Ɗalibi zai cika shafi uku yana nuna cewa ɗan kwangila ya yi sakaci, asibiti ma ya yi sakaci, saboda haka duka su biya. Zuciyarsa ta faɗi gaskiya, amma bai amsa tambayar shari'a ba. A wurin kotu, sakacin da ake biyan diyya a kansa amsar tambayoyi huɗu ce, kuma kowace tana iya kashe ƙarar ita kaɗai. Shin doka ta ɗora wa wanda ake ƙara nauyin kula da mai ƙara? In ta ɗora, ya gaza sauke nauyin? In ya gaza, gazawar ce ta jawo cutar? Sannan cutar, irin wadda doka ke biya ce? Mai ƙara ne zai kawo hujjar kowace, kuma ma'aunin da ake bi shi ne rinjayen hujja, wato abin da ya faɗa ya fi kusa da gaskiya fiye da akasinsa.

Wannan tsari daga kotunan Ingila ya fito, Najeriya kuma ta gaje shi, shi ya sa ɗalibi a Zariya ko Kano ko Sakkwato yake haddace shari'o'in Landan. A Jamhuriyar Nijar tushen dokar na Faransa ne, tsarin amsar ya bambanta.

Tambaya ta farko ta samo asali ne daga kwalbar lemo. A watan Agusta na 1928, a garin Paisley na ƙasar Sikotilan, wata mata mai suna May Donoghue ta shiga wani shago, wanda suke tare ya saya mata lemon citta. Kwalbar mai duhu ce, ba a ganin cikinta. Ta sha wani sashe, da aka tsiyayo ragowar, a cewarta, sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi. Ta yi rashin lafiya. Matsalarta ita ce ba ita ta biya kuɗin ba, don haka babu ciniki tsakaninta da kowa, ba ta da ƙarar saɓa yarjejeniya. Sai ta kai ƙarar mai masana'antar, David Stevenson. A 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan zamani, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, ta ce yana da nauyin kula da ita. Mai shari'a Atkin ya kafa ƙa'idar maƙwabci: dole mutum ya kiyaye aikata abin da hankali zai iya hango cewa zai cuci waɗanda aikinsa ke shafa kai tsaye, waɗanda ya kamata ya sa su a ransa lokacin da yake aikin. Kotunan Najeriya sun bi wannan sawu. A shari'ar Osemobor da kamfanin Niger Biscuit a 1973, wata mata ta tarar da ruɓaɓɓen haƙori a cikin biskit, aka kuma ɗora wa kamfanin alhaki.

A nan ɗalibai ke ɓata lokaci mafi yawa, alhali a nan ya kamata su fi sauri. Sun haddace sharuɗɗa uku na shari'ar Caparo da Dickman ta 1990, wato hangen cutar, da kusanci tsakanin ɓangarorin, da dacewar ɗora nauyin bisa adalci, sai su zazzage su a kan kowace tambaya. Waɗannan sharuɗɗa amfaninsu yana wurin da ba a taɓa yanke hukunci a kansa ba. Direba da sauran masu bin hanya, likita da majinyacin da ya karɓa, mai masana'anta da mai sayen kayansa, ubangida da ma'aikacinsa, duk an daɗe da gama maganarsu. Kotun ƙolin Birtaniya ta nanata haka a shari'ar Robinson a 2018. Game da telanmu, jimla biyu sun isa. Wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a yana da nauyin kula da masu bin ta, asibitin da ya karɓi majinyaci a sashen gaggawa yana da nauyin kula da shi. Kada kuma a sa kalmar fitila a wannan sakin layi. Da zarar ɗalibi ya rubuta cewa akwai nauyi domin ba a sa fitila ba, ya haɗe tambaya ta farko da ta biyu. Nauyin yana nan tun da aka sa diga a ƙasa, ko an sa fitila ko ba a sa ba.

Fitilar tana tambaya ta biyu, kuma a nan ne ake zub da bayanan da aka bayar. Ma'aunin shi ne mutum mai hankali da lura, kamar yadda aka bayyana tun shari'ar Blyth ta 1856: barin abin da mai hankali zai yi, ko yin abin da ba zai yi ba. Ba a duba niyya, ba a kuma duba iyakar ƙoƙarin wanda ake ƙara. A shari'ar Nettleship da Weston ta 1971, wata mai koyon tuƙi ta daki turken fitilar titi, mai koya mata ya ji rauni a gwiwa, kotu ta auna ta da ƙwararren direba. Hukuncin yana da tsauri, amma wanda aka buge ba ruwansa da ranar da direba ya fara koyo.

Ba kowane haɗari ba ne mai hankali ke tsaya wa. Kotu kan duba yawan yiwuwar aukuwar abin, da munin cutar in ta auku, da tsadar kare ta. A shari'ar Bolton da Stone ta 1951, ƙwallon kurket ta tsallake shinge ta bugi wata mata a titi, amma shaida ta nuna kusan sau shida kawai ƙwallo ta taɓa fita a cikin shekara talatin. Aka ce ƙungiyar ba ta gaza ba. A shekarar dai, a shari'ar Paris da hukumar Stepney, wani makanike mai ido ɗaya ya rasa ɗayan idon bayan ɓarɓashin ƙarfe ya shiga, domin ba a ba shi tabarau na kariya ba. Aka ce an gaza, saboda masu aikin sun san halinsa, kuma abin da zai rasa shi ne ganinsa gaba ɗaya.

To a ɗora ramin a kan wannan ma'auni. Titi ne da ake bi dare da rana, yiwuwar wani ya faɗa babba ce. Rami mai zurfi na iya karya ƙashi ko ya kashe. Kariyar kuwa fitila ce da 'yan katakai ko tsofaffin tayu. Ɗan kwangila ya gaza, babu ja. Asibiti kuma da ma'aunin ƙwararru ake auna shi, bisa shari'ar Bolam ta 1957: shin akwai wani rukunin likitoci masu sanin ya kamata da za su amince da barin mai irin wannan karaya awa uku ba a duba shi ba? Idan tambayar ba ta ambaci wani uzuri ba, kamar cunkoson waɗanda suka fi shi jin jiki, ɗalibi ya ce mai yiwuwa ne an gaza, ya wuce.

Tambaya ta uku ita ce ke raba ɗalibin da ya fahimta da wanda ya haddace. Da asubahin ranar farko ta shekarar 1966, wasu masu gadin dare su uku a wata kwaleji a Landan suka sha shayi, suka kama amai. Da gari ya waye suka je sashen gaggawa na asibiti. Nas ta buga wa likitan da ke kan aiki waya, shi ma ba ya jin daɗi, ya ce su tafi gida su kwanta, su kira likitocinsu. Bai fito ya duba su ba. Bayan kamar awa biyar ɗaya daga cikinsu, Barnett, ya mutu. Ashe guba ce ta asinik aka zuba a shayin. Matarsa ta kai ƙara. Alƙali ya yarda asibiti yana da nauyin kula da shi. Ya yarda likita ya gaza. Sannan ya kori ƙarar, domin shaidar likitoci ta nuna ko da an kwantar da shi a lokacin, kafin a gano gubar a ba shi makarinta lokaci ya riga ya ƙure. Littattafai na kawo wannan shari'a da shekarar 1969, da sunan Barnett da hukumar asibitocin Chelsea da Kensington.

Duk wanda ya karanta labarin zai ji ciwon abin da aka yi wa mutumin nan, kuma ya kamata ya ji. Amma wannan doka aikinta mayar wa mutum abin da wani ya jawo masa asararsa. Hukunta likita a kan halinsa aikin hukumar ladabtar da likitoci ne. Tambayar da ake yi mai sauƙin faɗa ce: ba don gazawar nan ba, da cutar ta auku? Idan amsar ita ce da ta auku duk da haka, magana ta ƙare. Ga telanmu kenan da asibiti. Shaida ta ce ƙafar ta riga ta tafi tun a ramin, saboda haka awa ukun nan ba su suka yanke ta ba. Mai tsara jarrabawa da gangan ya dasa wannan jimla, yana so ya ga wanda zai iya cewa asibiti ya gaza kuma ba zai biya kuɗin ƙafar ba. Ɗalibi mai zurfin tunani zai ƙara cewa azabar da telan ya sha a awa ukun, wadda allurar kashe zafi za ta rage, ita kam jinkirin ne ya jawo ta, kuma yana iya neman 'yar diyya a kanta.

Da ɗan kwangila kuwa amsar a fili take. Da an sa fitila da shinge, da telan ya kauce. Sai dai lauyansa ba zai yi shiru ba. Zai ce to, karaya ta yarda, amma yanke ƙafa ciwon suga ne ya jawo, kuma ni ban san yana da shi ba. Wannan ya kai mu kashi na biyu na tambayar sanadi, wato iyakar inda alhaki yake tsayawa, domin kowane abu yana da abin da ya biyo bayansa har ba iyaka, kuma dole doka ta ja layi.

Inda aka ja layin shi ne shari'ar jirgin ruwa mai suna Wagon Mound. A 1951, a tashar jiragen ruwa ta Sydney a Ostireliya, ma'aikatan jirgin suka bar baƙin mai ya malala a kan ruwa. Man ya yi ta yawo har ƙarƙashin wani wurin gyaran jirage inda ake walda. Shugaban wurin ya dakatar da waldar, ya bincika, aka gamsu cewa irin wannan mai ba ya kamawa a kan ruwa, aka ci gaba. Bayan kamar kwana biyu narkakken ƙarfe ya faɗa kan wani tsumman auduga da ke yawo a ruwan, wuta ta tashi, ta cinye wurin. A 1961 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙarshe a Landan ta ce masu jirgin ba za su biya ɓarnar gobarar ba. Ɓata wuri da mai abu ne da hankali zai hango, gobara kuwa, bisa shaidar da aka bayar, ba a iya hango ta. Ƙa'idar ita ce nau'in cutar ya zama wanda ake iya hange.

A kula, nau'in ake dubawa. Girman cutar da ainihin yadda ta auku ba sai an hango su ba. Shari'ar Smith da kamfanin Leech Brain ta 1962 ta nuna haka. Narkakken ƙarfe ya fallatso wa wani ma'aikaci a leɓe saboda rashin isasshen kariya. Ƙuna ce 'yar ƙarama, amma wurin dama yana dab da kamuwa da ciwon daji, ƙunar ta tayar da shi, bayan shekara uku mutumin ya mutu. Aka ce kamfanin zai biya har da mutuwar, tunda ƙuna abar hange ce, kuma wanda ya cuci mutum a yadda ya same shi zai ɗauke shi, da lafiyarsa da larurarsa. Wannan ce amsar lauyan ɗan kwangila. Rauni a ƙafa shi ne ainihin abin da ake tsoro daga buɗaɗɗen rami. Ciwon suga ya tsananta shi ne kawai. Ɗan kwangila zai ɗauki ƙafar.

Lauyan na iya sake dabara ya ce jinkirin asibiti ya shiga tsakani, ya yanke igiyar da ta haɗa ramin da yanke ƙafar. Doka ta yarda wani sabon aiki, na wani mutum ko na mai ƙarar da kansa, yana iya yanke ta. Amma wanda ya jefa mutum a hannun asibiti ba ya kuɓuta don an samu kuskure irin wanda aka saba gani a jinya, sai kuskuren ya yi muni ƙwarai. A nan ma ba a kai ga wannan muhawara ba, tunda an riga an nuna jinkirin bai canza makomar ƙafar ba. Abin da bai jawo komai ba, ba zai yanke komai ba. Ɗalibin da ya bi tambayoyin a jere zai ga amsar da ya bayar a kan asibiti ita ce ta warware masa wannan, cikin layi biyu.

Tambaya ta huɗu ana yawan manta ta domin kamar a bayyane take. Sakaci ba ya zama abin ƙara sai da cuta ta zahiri. Da wani ya zo wucewa a daren, ya ga ramin a ƙurarren lokaci, ya taka birki ya tsaya lafiya, gabansa ya faɗi kawai, ba shi da ƙara, komai munin aikin ɗan kwangila. Telan kuwa yana da ita, kuma amsa mai kyau za ta raba ta gida biyu. Akwai asarar da ake ƙirgawa: kuɗin asibiti, gyaran babur, ƙafar roba, ɗinkin Sallar da ya kufce. Kotunan Najeriya suna da tsauri a kan wannan kashi, sai an jera su ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara, an kuma tabbatar da su da hujja mai ƙarfi. Idan telan ya ce ya rasa ɗinkin naira dubu ɗari uku, littafin da yake rubuta awo da kuɗin kafin alƙalami zai yi masa amfani fiye da rantsuwa. Sai kuma asarar da alƙali ke ƙiyastawa da kansa: zafin ciwo, rashin gaɓa, raguwar abin da zai iya samu nan gaba, ga shi sana'ar tasa da ƙafa ake taka keke.

Wani lokaci mai tambaya kan ƙara mutum guda don ya gwada ɗalibi, misali mai shagon zare da maɓallai wanda telan ne babban mai sayen kayansa, cinikinsa ya faɗi bayan haɗarin. Asararsa gaskiya ce, kuma ba don ramin ba da bai yi ta ba. Duk da haka ba zai samu komai ba, domin jikinsa da dukiyarsa ba abin da ya taɓa su, asarar kuɗi ce zalla da ta biyo bayan cutar wani. A ƙa'ida doka ba ta ɗora nauyin kare irin wannan asara, in ba haka ba mai guga da mai sayar wa telan abinci duk sai su shigo layi. A shari'ar Spartan Steel ta 1973, masu haƙar titi sun datse wayar lantarkin wata masana'antar ƙarfe. An biya ta ƙarfen da ya lalace a tukunya da ribarsa, aka hana ta ribar wanda ba ta samu damar narkawa ba. A lura da inda ƙarar mai zare ta mutu: nau'in asararsa ya mayar da mu tambaya ta farko, aka tarar babu nauyi. Shi ya sa kafin a fara rubutu ake zana a gefen takarda wane ne ke ƙarar wane, kuma a kan wace asara, sannan kowane layi a bi shi da tambayoyinsa huɗu daban.

Hular kwano fa? Da gangan aka bar ta har yanzu, domin wurinta bayan an gama huɗun ne. Ɗaliban da suka sako ta a tsakiya sukan ƙare da cewa telan shi ya jawo wa kansa, su kori ƙarar gaba ɗaya. Rashin hula kariya ce da wanda ake ƙara zai kawo, shi ne kuma zai tabbatar da ita, kuma a dokar yau rage diyya take yi gwargwadon laifin mai ƙara. A shari'ar Froom da Butcher ta 1976, kan rashin ɗaura bel a mota, kotun Ingila ta ba da jagora: a rage kashi 25 cikin 100 idan bel ɗin zai hana raunin gaba ɗaya, kashi 15 idan zai sassauta shi kawai, kada a rage komai idan ba zai canza komai ba. Tambayar sanadi ce ta sake dawowa, wannan karon a kan telan. Hula za ta kare goshi, ba ruwanta da ƙafa. Idan alƙali ya ƙiyasta raunin goshi a naira dubu ɗari biyu, ya kuma gamsu hula za ta hana shi ɗungurungum, bisa wannan jagora zai cire dubu hamsin, telan ya karɓi dubu ɗari da hamsin. Diyyar ƙafar kuwa ɗan kwangila zai biya ta cikakkiya, sai fa idan tambayar ta ce telan gudu yake shararawa ko babur ɗinsa ba fitila, wanda a lokacin ragin zai shafi dukkan raunukan, tunda laifin nasa ya taimaka wajen faɗawa ramin kanta.